Idan saƙon aiki ya zo maka rabi: yadda ake zaƙulo tambaya ɗaya tak da za ta buɗe sauran

Ƙarfe 4:10 na yammar Talata saƙo ya shigo wayata daga shugabar sashenmu, ga shi yadda yake ban ƙara ba ban rage ba: "Slm dan Allah ka haɗa min rahoton tirenin ɗin nan kafin mitin, nagode." Shikenan. Ba wane tirenin, ba wane mitin, ba shafi nawa, ba komai. Kuma na san a lokacin tana cikin wani zama, wayar ma a ƙarƙashin tebur take leƙawa.

Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin wani ya san irin wannan saƙon. Abu biyu mutane suka saba yi idan ya zo, ko dai ka yi shiru ka yi kirdado ka kama aiki ka ɓata awa uku sannan a ce maka ai ba wannan ake nufi ba, ko kuma ka zauna ka jero tambayoyi bakwai ka tura gaba ɗaya. Na biyun ne nake so mu yi wa fashin baƙi, domin shi ne yake kama da natsuwa da sanin aiki, alhali sau da yawa shi ma baya yake maida kai.

Da farko me yasa ma saƙon yake zuwa rabi? Yawanci ba raini ba ne kuma ba sakaci ba ne. Mai rubutawar abin yana cike fal a kansa, ya kwana yana tunaninsa, sai ya ga kamar kalma goma ta ishe ka ka ga abin da yake gani. Akwai wani gwaji da wata mai bincike Elizabeth Newton ta yi a jami'ar Stanford a 1990 da ya nuna wannan ƙarara. Ta sa wasu su riƙa ƙwanƙwasa tebur da yatsa suna bin kiɗan wata sananniyar waƙa, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawar sun yi zaton za a gane kusan rabi. Cikin waƙoƙi 120 guda 3 kacal aka gane. Dalili kuwa shi mai bugun yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, mai sauraro kuma ƙwas ƙwas kawai yake ji. To haka Hajiya, shugabar tamu, take lokacin da ta rubuta "tirenin ɗin nan", ita a wajenta ɗaya ne tak a duniya, wanda ya dame ta tun safe.

Toh idan haka ne, ai sai a ce a tambaye ta komai da komai a huta ko? Matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma duba halin da mai amsar yake ciki. Mutumin da bai samu sukunin rubuta cikakken saƙo ba, ta ina zai samu sukunin amsa tambaya bakwai? Ni da kaina a farkon aikina na taɓa tura irin wannan jerin, wane tirenin, wane mitin, a Word ko PowerPoint, shafi nawa, in sa hotuna, in sa lissafin kuɗi, in turo ta imel ko in buga a takarda. Bayan minti arba'in amsa ta zo: "Eh a Word." Ka ga an zaɓi wadda ta fi sauƙi an amsa, sauran shida an tsallake, kuma wadda aka amsa ɗin ita ce wadda ba ta da wani nauyi, domin ko a me na yi shi zan iya juya shi cikin minti goma. Na ɓata minti arba'in kuma ina nan inda nake. Abin da na lura da shi tun daga lokacin shi ne idan ka ba mutum mai sauri tambayoyi da yawa, to shi ka ba wa aikin tantance wacce ce mai muhimmanci, kuma shi ba zai tantance ba, ta ƙarshe ko ta farko ko mai gajeriyar amsa zai ɗauka. Wani lokacin ma ganin tsawon saƙon kaɗai zai sa ya ce bari in na fito, kuma in ya fito ya manta.

Tantancewar nan aikinka ce kai mai tambaya. Ga yadda nake yinta, kuma ba ta wuce minti biyar.

Ina fara rubuta duk giɓin da ke cikin saƙon a takarda, ni kaɗai, ba don in tura ba. Wannan matakin kar ka tsallake shi, domin tambaya ɗaya mai kyau daga cikin tambayoyi da yawa take fitowa, wanda bai ga bakwai ɗin ba sai dai ya cafki wadda ta fara faɗo masa a rai. A ranar Talatar nan bakwai ɗin dai na sake samu, kusan irin na wancan karon.

Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in ga wacce zan iya amsa wa kaina in na ɗan bincika. Wane tirenin? Guda biyu muka yi a 'yan watannin, ɗaya na sababbin ma'aikata mutum 18 wata biyu da suka wuce, ɗaya kuma na kwana uku a makon jiya wanda aka gayyaci jami'an fili 42. Na duba fayil na ga rahoton na farkon tuni an rubuta an ajiye, na makon jiya ne babu. Kaga wannan ta faɗi, ba sai na dame ta ba. Ta imel ko a takarda? Duk rahotannin da na taɓa ba ta ta imel ne, ita take sa a buga in tana so. Ita ma ta faɗi. Irin waɗannan tambayoyin in ka yi su, ban da cin lokaci, suna nuna wa mutum ko leƙa abin da ke gabanka ba ka yi ba, kuma a hankali sai ya daina ɗaukar tambayoyinka da muhimmanci har ranar da za ka yi mai muhimmancin.

Bayan nan sai waɗanda ko na yi kuskure gyaransu ba wuya. Word ko PowerPoint, hotuna ko babu hotuna. In na sa hoto huɗu ta ce a cire, minti biyu ne. Waɗannan ba a tambayarsu, zaɓa ake yi a wuce, in ba a so a faɗa. Ma'aunin da nake amfani da shi a nan mai sauƙi ne, ina kwatanta lokacin da gyaran zai ci da lokacin da jiran amsa zai ci. In gyaran ya fi jiran sauƙi, to tambayar asara ce.

Saura uku kenan: wane mitin, shafi nawa, da lissafin kuɗi. A nan ne ainihin dabarar take, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Tambayoyin da suka rage ba tsaye suke kowacce da ƙafarta ba, wasu 'ya'yan wata ne. Na buɗe kalandar ofis na ga gobe Laraba tana da mitin biyu, ƙarfe 10 na safe da manyan ofis, ƙarfe 2 na rana kuma da wakilan ƙungiyar da ta ɗauki nauyin tirenin ɗin. In rahoton na manyan ofis ne, shafi ɗaya ko biyu ya isa, kai tsaye, an gayyaci 42 mutum 35 suka zo, ga dalili, ga abin da ya lalace a rana ta biyu, ga abin da za a gyara gaba, ba ruwansu da dogon lissafi, aikin awa ɗaya ne. In kuma na masu tallafi ne to wata duniyar ce daban, suna da nasu fom ɗin da ake bi, shafi takwas zuwa goma, sai an raba mahalarta maza nawa mata nawa, sai an haɗa takardar sa hannu, kuma dole a nuna abin da aka kashe a gefen abin da aka ware, wanda ni ba ni da shi, yana wajen akanta, su kuma ƙarfe 5 suke tashi. Ka ga kenan yawan shafi da lissafin kuɗi duk amsarsu tana cikin cikin wane mitin. In na san wannan ɗaya, biyun sun amsa kansu.

Yawanci uwar tambayoyin ɗayan biyu ce, ko wa zai karanta ko ya yi amfani da abin, ko kuma me za a yi da shi. Ba kullum ba, amma in ka rasa inda za ka fara to fara nan. Kuma akwai gwajin da nake wa kowace tambaya kafin in tura, ina cewa a raina in ta ce kaza me zan yi, in ta ce kaza kuma me zan yi. In na ga a duka amsoshin abu ɗaya zan tashi in yi, to tambayar ba ta da amfani a yanzu komai kyanta, son sani ne kawai. Tambayar mitin ta ci gwajin nan da kyau, domin amsa ɗaya tana zaunar da ni a kujera, ɗayar kuma tana tada ni in sauka ƙasa wajen akanta kafin su kulle.

Samo tambayar rabin aiki ne, yadda za ka rubuta ta shi ne ɗaya rabin. Ga abin da na tura ƙarfe 4:16:

"Wslm ranki ya daɗe. Na ɗauka na makon jiya ne, zan yi a Word in turo ta imel. Na wane mitin ne: 1 na manya ƙarfe 10, ko 2 na masu tallafi ƙarfe 2? In 2 ne sai na karɓo lissafi wajen akanta kafin su tashi ƙarfe 5."

Duba abin da ke cikinsa. Abubuwan da na yanke da kaina na faɗe su a jimla ɗaya, ba a matsayin tambaya ba, in daidai ne ba sai ta ce komai ba, in kuskure ne idonta zai kama ta gyara. Wannan ita ce hanyar da ake shigar da sauran tambayoyin ba tare da an ɗora wa mutum nauyin amsa su ba, sai dai kar su yi yawa, biyu ko uku, in sun kai shida an koma gidan jiya ba wanda zai karanta. Sannan alamar tambaya guda ɗaya ce a duk saƙon, ina ƙirgawa kafin in tura. Sannan na ba ta zaɓi, ba buɗaɗɗiyar tambaya na yi ba, yadda za ta iya amsawa da yatsa ɗaya a ƙarƙashin tebur. Na ƙarshe na faɗi dalilin da ya sa amsar ba za ta jira ba, domin ita ba lallai ta tuna cewa akanta na tashi ƙarfe 5 ba, kuma mutum in ya ga abin da shirunsa zai jawo ya fi saurin amsawa.

Lambobin nan 1 da 2 ba ado ba ne. In ka rubuta na manya ne ko na masu tallafi haka kawai, wallahi sau da yawa amsar da za ka samu ita ce "eh", domin ido ya kama farkon jimlar yatsa ya amsa. Sai ka zauna kana tunanin eh ɗin na wanne ne, ka sake tura wata tambayar, an yi zagaye biyu kenan. In akwai lamba, mutum ya san lamba ake so.

Ƙarfe 4:21 amsa ta zo, "2". Na sauka na karɓi lissafin, a nan ma na tarar akwai rasit biyu da ba a shigar ba, aka shigar a gabana, wanda da na bari sai da safe da ba lallai a gama kafin ƙarfe 2 ba.

To da ba ta amsa ba fa? Wannan ma ana shirya masa tun kafin a tura. Ni na riga na yanke cewa in ƙarfe 4:40 ta yi ban ji komai ba zan je in karɓi lissafin duk da haka, domin karɓar minti goma sha biyar ce, in ba a buƙata ban yi asarar komai ba, in kuma ana buƙata ban karɓa ba aikin gobe ya tsaya cak. Kuma a lokacin jiran ba hannu na naɗe ba, na fara ƙirga mahalarta daga takardar sa hannu, tunda kowane rahoton aka ce dole wannan adadin ya shiga. Kusan kowane aiki yana da ɓangaren da bai dogara da amsar ba, a nan ake farawa. Wani lokacin yana da kyau ka rubuta shirin naka a cikin saƙon ma, in ban ji ki ba zuwa kaza zan tafi da na biyu, amma wannan sai ka san wanda kake magana da shi, wani ogan zai ji kamar wa'adi kake ba shi, to sai a sassauta harshe ko a bar shi a zuci.

Akwai tambayoyin da a ido guda ɗaya ce amma ba su da kyau, kuma gane su ba wuya. Ta farko ita ce "ban gane ba, me kike nufi?" Ɗaya ce tabbas, amma ta mayar wa mai saƙon da dukkan aikin, ba ta nuna masa inda giɓin yake ba, kuma tunda shi a kansa saƙon cikakke ne, abin da zai yi shi ne ya maimaita maka abin da ya faɗa da ƙarin kalma biyu, "rahoton tirenin mana, wanda muka yi." Akwai kuma wadda ake ɗinke tambaya huɗu da kuma da kuma a sa alamar tambaya ɗaya a ƙarshe, wannan jerin nan ne dai aka sauya masa riga. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai jan mutum zuwa amsa, irin "na mitin ɗin safe ne ko?" Mai sauri zai ce eh ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba, kai kuma ka tafi da tabbacin ƙarya, wanda ya fi rashin sani muni, domin yanzu ko shakka ba ka yi balle ka sake dubawa.

Wani lokacin kuma za ka ba da 1 da 2 a ce maka ba ko ɗaya, na wani abu ne daban da ba ka ma san da shi ba. Kar ka ga kamar tambayar ta faɗi, ta yi aikinta, domin zaɓin da ka jera ne suka nuna wa mutumin inda tunaninka ya nufa har ya gane bai gaya maka abu mafi girma ba. Buɗaɗɗiyar tambaya ba ta cika fito da wannan ba.

Sai dai kar a ɗauki maganar tambaya ɗaya kamar doka, tana da iyaka. Duk tsarin nan ya ginu ne kan cewa ƙananan kurakurai ana iya gyara su daga baya. Inda ba a iya gyarawa lissafin ya sauya gaba ɗaya. In saƙon rabin cewa ya yi ka tura kuɗi, ko ka goge fayiloli, ko ka ba firinta ya buga kwafi 500, ko ya shafi magani da adadinsa, to babu wani "na ɗauka", kowane giɓi sai an cike shi, lambar asusu, suna, adadi, duka. A irin wannan abin da ya fi shi ne ka karanto wa mutum umarnin gaba ɗaya yadda ka fahimce shi ya tabbatar, kamar yadda matuƙan jirgin sama suke maimaita wa masu kula da zirga-zirgar jirage umarnin da aka ba su, tsayin da za su hau da titin da za su sauka, domin in an ji ba daidai ba a kama tun a baki. Kuma in ka tace ka tace ka ga har yanzu manyan tambayoyi uku ne suka rage kuma ba wadda ta haifi wata, to rubutu ba zai yi ba, tambayarka ɗaya ta zama "zan iya kira minti biyu?"

Akwai kuma lokacin da mai saƙon shi kansa bai san abin da yake so ba tukuna, alamarsa ita ce ka yi tambaya mai kyau a ce maka "duk yadda ka gani" ko a ba ka amsar da ba ta zaɓi komai ba. A nan ƙara tambaya ba ya fitar da komai. Abin da nake yi shi ne in zana ƙashin aikin cikin minti goma, kanun sassa kawai da layi ɗaya ɗaya a ƙarƙashi, in tura in ce haka ya yi? Mutane sun fi iya cewa a'a ba haka ba in sun ga abu a gabansu fiye da su siffanta shi daga babu.

Sannan a bambance saƙon da aka taƙaita da saƙon da ya yanke. In ka ga jimla ta tsaya a tsakiya, "ka haɗa min rahoton kuma ka tabbatar ka sa", to wannan yatsa ne ya taɓa turawa kafin a gama, ko an kira mutumin ana cikin rubutu. Ba wani tace tambayoyi da za ka yi a nan. Ka ba shi minti biyu ko uku ko ragowar na tafe, in shiru sai ka kwafo masa kalmomin ƙarshen ka ce saƙon ya tsaya a "ka tabbatar ka sa", me zan sa? Kwafo kalmomin yana da amfani domin shi bai san ya yanke ba, a ƙwaƙwalwarsa ya riga ya gama faɗa, ganin inda ya tsaya ne zai dawo masa da ragowar.